Na sa hannu a wurin aiki ban karanta ba, zan iya janyewa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi a Jamus. Ranar da aka ɗauke ni na sa hannu a takardu da yawa ban karanta ba. Yanzu na ga hotona a tallar gidan a intanet, takardar albashina kuma daga wani kamfani da ban sani ba take zuwa. Na ce wa kamfanin su goge bayanaina, suka ce ba huruminsu ba ne. In na janye amincewata, zai taɓa aikina ko takardar zamana?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, takardar zamanki ba ta rataye a kan wannan sa hannun ba. Kamfanin albashin kuma, da alama gaskiya ya faɗa miki.

Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, ta raba mutum biyu. Akwai mai iko da bayanai, wato wanda ya yanke shawarar dalilin tattara su da yadda za a yi da su. A nan shi ne gidan da ya ɗauke ki aiki. Akwai kuma mai sarrafa bayanai a madadinsa, wanda aka ba aiki bisa rubutacciyar yarjejeniya, ba ya motsi sai da umarni. A nan shi ne kamfanin albashin. Ɗan aike ne, ba zai goge abin da ba a ce ya goge ba. Sashe na 28 ne ya tsara wannan alaƙa, kuma bai buƙaci a nemi izininki kafin a miƙa masa lissafin albashi ba. Haƙƙinki shi ne a sanar da ke waɗanda bayananki ke zuwa hannunsu. Sai dai ki lura, in ofishin ƙwararren mai ba da shawara kan haraji ne yake yin lissafin, a Jamus ana ɗaukarsa mai iko a karan kansa. Ki duba takardar bayanin sirri da aka ba ki, sunan da ke gaban kalmar Jamusanci Verantwortlicher, wato mai iko da bayanai, shi ne wanda za ki tunkara.

Inda 'yan'uwanmu suka fi ruɗewa shi ne zaton komai a kan amincewa yake tsaye. Sashe na 6 ya kawo hujjoji shida na amfani da bayanan mutum, amincewa ɗaya ce kawai a cikinsu. Lambar asusunki tana hannunsu ne saboda kwantiragin aiki, don ba yadda za a biya ki sai da ita. Kwafin takardar zamanki kuwa doka ce ta tilasta wa mai aiki ya ajiye muddin kina yi masa aiki, bayanan albashi ma sai ya riƙe su shekara shida saboda haraji. Ko kin janye sau goma waɗannan ba za su gogu ba, kuma ni ban ga amfanin ki nemi a goge su ba, su ne shaidarki ranar sabunta takardu.

Hoton ne ya bambanta. Kula da tsofaffi ba ya buƙatar fuskarki a talla, don haka kusan kullum amincewa ce kaɗai madogararsa. Amincewar da doka ta sani kuwa sai an bayar da ita ba tilas, a kan takamaiman abu, bayan an fahimtar da mutum. Wadda aka cusa cikin tarin takardu aka miƙa wa sabuwar ma'aikaciya tun asali tana da rauni, domin wa zai ce a'a ga mai ba shi aiki a ranar farko? Sashe na 7 ya ba ki damar janyewa a kowane lokaci, cikin sauƙin da kika bayar, kuma bai halatta a cutar da ke a kan haka ba.

Ki rubuta wa gidan gajeriyar wasiƙa mai kwanan wata, ki aika kwafi ga jami'in kare bayanansu in suna da shi. Ki ce kin janye amincewarki a kan hoto kawai, kina so a cire shi daga intanet. Ki kuma nemi kwafin abin da kika sa wa hannu da sunayen waɗanda aka ba bayananki, bisa sashe na 15. Wata ɗaya suke da shi su amsa, kyauta, suna iya ƙara wata biyu in sun faɗi dalili. Janyewa ba ta komawa baya, ƙasidun da aka riga aka buga aka raba ba su zama laifi ba.

In wa'adi ya cika shiru, ki kai koke hukumar kare bayanai ta jiharki, ba a biyan kuɗi. In gidan na coci ne, suna da tasu hukumar daban, can za ki kai.