Sanarwar manema labarai ɗaya, gidajen rediyo iri biyu: amsar da aka bayar ta murya

Tambaya: Salamu alaikum Malam. An ba ni sanarwar manema labarai ta Turanci, shafi ɗaya da rabi, a kan rancen da ƙungiyarmu za ta ba manoma. An ce in fassara don gidajen rediyon jiha, in kuma tura wa su BBC da DW. Fassara ɗaya ta isa, ko sai na yi biyu?

Amsa, kamar yadda aka kwafe ta daga murya:

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Biyu za ki yi. Amma kafin ki rubuta ko ɗaya, ɗauki takarda ki tsamo abubuwan da ba a yarda su canza ba: cikakken sunan ƙungiya, adadin kuɗi, adadin mutane, ranar farawa da ta rufewa, wurin da za a je, sharaɗin da aka gindaya, da sunan wanda ya yi magana da muƙaminsa. Layi bakwai ko takwas ne. Ki kai wa wanda ya sa hannu a sanarwar ya duba ya amince. Daga wannan takardar za ki ciro rubutun biyu. Dalili kuwa, ba abin da ya fi zubar da mutuncin ƙungiya irin a ji adadi ɗaya a rediyon gari da safe, a ji wani daban a gidan rediyon waje da daddare.

Bari mu ɗauki misali, lambobin nawa ne na ƙirƙira don bayani. A ce sanarwar ta ce an ware naira biliyan 1.25, za a ba manoman da yawansu zai iya kaiwa 12,500, kowa abin da bai wuce naira 100,000 ba, a biya bayan girbi, rajista daga Litinin 3 zuwa Juma'a 14 ga Maris.

Inda aka fi yin ɓarna a irin wannan, kalma ɗaya ce tak. Masu rubuta Turancin ƙungiyoyi suna son kalma mai laushi wadda ta haɗe kyauta da rance da rangwame, mai fassara kuma sai ya ce "tallafi" ya wuce. To a kunnen manomi, tallafi abu ne da ba a biya. Zai zo ya yi layi, ya karɓa, ranar da aka zo karɓar kuɗi ya ce ai shi a rediyo ya ji tallafi ne, kuma gaskiyarsa ce. Idan za a mayar da kuɗin, ki ce rance, ki ƙara da "wanda za a biya bayan girbi" a jimlar farko. Idan da kuɗin ruwa ki faɗa, idan babu ki faɗa, domin ita ce tambayar farko da za a yi a majalisa. Idan Turancin bai fayyace ba, kada ki yi hasashe, ki kira wanda ya rubuta.

Ta biyu mai kama da ita, wannan ɗan guntun Turancin da ke nufin "har zuwa", wato iyaka. Sauƙin zubewa gare shi. Da ya zube, "abin da bai wuce dubu ɗari ba" ya koma "kowa zai samu dubu ɗari", wanda aka ba dubu sittin kuwa zai ce an cinye masa arba'in.

To, na rediyon gida. Ki fara tambayar kanki: labari ne ko sanarwar biya? Idan sashen talla kika kai kika biya, za a karanta yadda kika rubuta, ana kuma lissafa miki kuɗi ne da tsawon lokaci da yawan maimaici. Idan ɗakin labarai kika kai, edita zai yanke, kuma daga ƙasa yake yankowa. Saboda haka abin da kika fi so a ji, ki ɗora shi a sama. Sanarwar Turanci takan buɗe da sunan ƙungiya da abokan hulɗa da manufa, sai a sakin layi na huɗu a faɗi ranar rajista. Ki juya ta. Mai sauraro yana kan babur ko yana shago, sau ɗaya zai ji, ba zai koma baya ba. Ga yadda zan so ta fito:

"Manoman da ke son rancen noma na bana za su fara rajista ranar Litinin, uku ga watan Maris, a sakatariyar ƙaramar hukumarsu. Rancen ba zai wuce naira dubu ɗari ga kowane manomi ba, kuma za a biya bayan girbi. Ƙungiya kaza, wadda ta ware naira biliyan ɗaya da miliyan ɗari biyu da miliyan hamsin domin shirin, ta ce manoma har dubu goma sha biyu da ɗari biyar za su iya samu. Za a rufe rajista ranar Juma'a, goma sha huɗu ga watan Maris."

Kin ga lambobin duk da kalmomi na rubuta su. Kada ki bar wa mai karatu 1.25 a takarda. Yana cikin ɗakin watsa shiri, fitila ta kunnu, zai ce "ɗaya da ɗigo ashirin da biyar", ko ya tsaya yana lissafi a iska. Sannan ki kula da inda Hausarmu kanta take da harshen damo. "Dubu ɗari da hamsin" wani zai ji 150,000, wani zai ji 100,050. Maimaita kalmar ya warware: dubu ɗari da dubu hamsin. Rana kuma a haɗa sunanta da kwanan wata. Kada ki rubuta "gobe" ko "jibi", ba ki san ranar da za a sa ta ba, balle a maimaita ta kwana uku a jere.

Tsawo kuwa, agogo ne alƙali. Ki karanta da ƙarfi, da saurin mai labarai, ki auna da wayarki. Daƙiƙa 40 zuwa 60 ya isa, wato kalmomi kamar 100 zuwa 150. Duk jimlar da numfashinki ya ƙare kafin ta ƙare, ki raba ta biyu. Shafi ɗaya da rabi ba zai shiga ba, kuma ba a so ya shiga. Sakin layin ƙarshe mai tarihin ƙungiya ya fita gaba ɗaya.

Ki sa haruffa masu ƙugiya, don Allah. "An ƙara da 'yan kasuwa" daban, "an kara da 'yan kasuwa" daban, na biyun faɗa ne. Idan za ki tura takardar, ki buɗe ta a wata wayar ki gani ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito, domin wani salon rubutun yana mayar da su akwatuna. Ki tura PDF, ki kuma liƙa rubutun a cikin saƙon don edita ya iya kwafa.

Yanzu na waje. Sashen Hausa na BBC yana aiki tun 1957, na DW tun 1963, na RFI tun 2007, kuma masu saurarensu ba 'yan jiha ɗaya ba ne. Akwai na Maraɗi da Damagaram, akwai na zangon Kumasi, akwai na arewacin Kamaru da Sudan. Waɗannan ba rajista za su je ba, don haka ranar rajista ta sauka ƙasa. Abin da ya hau sama shi ne mene ne sabo, girmansa nawa, me ya sa yanzu. Kuma ba za su karanta rubutunki yadda yake ba. Ɗan jarida zai duba ne ya ga ko akwai labari, in akwai ya rubuta nasa ya nemi wanda zai yi hira da shi.

To ki sauƙaƙa masa. Ki ambaci jiha da ƙasa, kada ki ce "sakatariya" kamar kowa ya san ta. Lambobi a nan da alƙaluma za ki rubuta, naira biliyan 1.25, kusa da ita kwatankwacinta da dalar Amurka, tare da farashin canjin da kika yi amfani da shi da ranarsa, tunda canji ba ya zama wuri ɗaya. Ki ce "dalar Amurka" cikakke, domin a Nijar dala sefa biyar ce, jika kuma sefa dubu. Haka biliyan, can sun fi sanin miliyar. Lokaci ki ba da shi da agogon Najeriya da Nijar, ki ƙara da na GMT, wanda ke bayanmu da awa ɗaya. Wannan ya fi muhimmanci idan an sa wa sanarwar takunkumin kada a watsa kafin wani lokaci. Ki rubuta shi a can sama, rana da awa da agogon da ake nufi. Kirari kuma ya fita. A rediyon gida za a iya barin Alhaji ko sarautar mutum, domin da ita aka san shi, amma "mai girma" da "jajirtacce" da "irinsa na farko a tarihi" ɗan jaridar waje zai goge, ya kuma fara shakkar sauran.

Maganar da aka sa a baka, wato cikin alamar zance, a nan ake son tsantseni. Idan shugabarku da Turanci ta faɗa, abin da kika rubuta da Hausa kalmominki ne, ba nata ba. Ko dai ki kai mata fassarar ta karanta ta amince, ko ki cire alamar zancen ki ce "ta ce". Abin da ya fi duka, ki sa ta faɗi maganar da Hausa da bakinta, daƙiƙa 20 zuwa 30, a ɗaki marar fanka da ƙarar janareta, ki tura muryar tare da rubutun. Ki haɗa da asalin Turancin, don ɗan jarida ya gwada, shi ne kuma za ki tura wa kafofin da ke aiki da Turanci bayan an ƙara masa sunan jiha da ƙasa da kwatankwacin kuɗin da dalar Amurka. A ƙasa ki sa lambar mai magana da yawu wanda ya iya Hausa sosai kuma zai ɗaga waya a ranar.

Kafin ki tura, sami wanda bai taɓa ganin sanarwar ba, ki karanta masa fassarar rediyon gida sau ɗaya rak, ki ajiye takardar ki tambaye shi: kyauta ce ko rance? Nawa ne? Ina za a je? Yaushe za a rufe? Duk wadda ya kasa amsawa, jimlar da ke ɗauke da ita za ki sake. Sai ki jera rubutun biyu da takardar farko a tebur, ki bi da biro lamba bayan lamba. In kuma wani adadi ya canza bayan kin tura, kada ki sake aika takardar shiru. Ki rubuta "GYARA" a kanun saƙon, ki faɗi tsohon adadin da sabon a layi ɗaya, ki kira editan da waya kafin labarai na gaba.