Amsar Yaya kan jerin zaɓi a Excel

Tambaya: "Yaya, yaran shago kowa da yadda yake rubuta sunan kaya a Excel, wani Masara wani Massara wani Masra, lissafin wata ya ƙi daidaita. Ya zan yi?"

Amsa (murya):

To ƙanina, wallahi kar ka tsaya faɗa da yara, hana su rubutawa kawai za ka yi, su dinga zaɓa. Ita SUMIF, formular da ke tara ma lissafin kowane kaya, ba ruwanta da babban baƙi ko ƙarami, masara da Masara duk ɗaya ne a wajenta, amma Massara kam wani kaya ne daban, ko buhu 20 aka sa da wannan sunan sai ta tsallake su shiru ba za ta ce ma komai ba.

Ka hau kwamfuta, ka buɗe sabon shafi ka sa masa suna Kaya, daga A2 ka jero su ƙasa: Masara, Gero, Dawa, Wake, Shinkafa. Sai ka koma shafin ciniki ka zaɓe gidajen da ake sa sunan kaya, a ce C2 har C500, ka danna Data, sai Data Validation, wajen Allow ka ɗauki List, a Source kuma ka sa wannan:

```
=Kaya!$A$2:$A$6
```

Ka danna OK, shi ke nan wata 'yar kibiya za ta fito a gefen gidan, yaro ya taɓa ya zaɓa. Ana iya rubuta sunayen kai tsaye a Source da waƙafi a tsakani, amma ni dai ban so, don ranar da ka kawo gyaɗa sai ka koma ka kwance komai, kuma bai ɗaukar sama da harafi 255. Na shafin ma dai in ka ƙara Gyaɗa a A7 sai ka mai da 6 ɗin nan 7, in ba haka ba ba za ta fito ba.

Sannan ka sake buɗe Data Validation ɗin ka leƙa Error Alert ka tabbata Style yana kan Stop. In Warning ne tambayarsa kawai zai yi, yaro kuwa Yes zai danna ya wuce abinsa.

Yauwa, tsofaffin Massara ɗin da ke ciki ba za su gyaru da kansu ba fa. Ka danna 'yar kibiyar da ke gefen Data Validation ka zaɓi Circle Invalid Data, zai zagaye ma su da jan layi ka bi ɗaya bayan ɗaya. Kuma ka ja musu kunne kan kwafowa daga wani gida marar kibiya su liƙa, don liƙawar tana shafe dokar gaba ɗaya, in ka taɓa gida ka ga ba kibiya to abin da ya faru ke nan, sai ka sake sa masa.