Slicer na motsa zane ɗaya kawai, lokacin jira kuma ya fito 0.03

"Assalamu alaikum. Ina haɗa wa ƙaramin asibitinmu dashbod a Excel, mai nuna yawan marasa lafiya a wata da lokacin da suke jira. In na danna Slicer zane ɗaya ne ke canzawa, lokacin jiran kuma 0.03 yake fitowa. Ina matsalar take?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ta Slicer ba ta da wuya. Danna shi da maɓallin dama, ka zaɓi Report Connections, ka sa alama a kan duk PivotTable ɗin da kake so ya riƙa juyawa. Idan ɗaya bai bayyana a jerin ba, to ba daga tushe ɗaya ka ciro su ba. Mayar da bayananka tebur da Ctrl+T, ka gina PivotTable na farko a kansa, sannan ka kwafe shi ka yi na biyu.

Lokacin jira ne ke son a zauna a kansa, don nan na fi ganin dashbod na yi wa masu shi ƙarya. Excel yana lissafa kwana ɗaya a matsayin 1, saboda haka ƙarfe 12 na rana 0.5 ne a wurinsa, minti 45 kuma 0.03125. Wannan 0.03 da ka gani kusan minti 43 ne. Kwana yana da minti 1440, sai ka ninka da shi.

Kafin ka ninka, duba teburin. Kowace ziyara ta samu layinta, da kwanan wata, da sashe, da lokacin isowa, da lokacin shiga wurin likita, a kolam masu suna Kwana, Sashe, Isowa da Shiga. A irin aikin da na yi wa ƙananan asibitoci, ba a rasa layukan da babu lokacin shiga: ko mutum ya gaji ya tafi, ko nas ta manta ba ta rubuta ba. Excel yana ɗaukar gurbin da babu komai a matsayin sifili. Wanda ya iso ƙarfe 9 na safe sai a ba shi jiran minti -540.

A ce wata ɗaya kana da layi 300. A 295 daga ciki ana jiran minti 40 a matsakaici, jimilla 11,800 ke nan. Sauran biyar ba su da lokacin shiga, kowanne -540, wato -2,700. Ragowar 9,100 in ka raba gida 300 za ka samu minti 30. Zanen zai nuna jira ya ragu da minti goma, shugaban asibiti ya yi murna, alhali layin marasa lafiya yana nan yadda yake. Maganin shi ne wannan, a sabon kolam mai suna Jira:

```
=IF([@Shiga]="","",ROUND(MOD([@Shiga]-[@Isowa],1)*1440,0))
```

MOD ɗin saboda masu zuwa da dare ne. Wanda ya iso 23:40 aka gan shi 00:15 zai fito da minti 35 daidai. Sai dai yana da nasa aibin: in aka rubuta lokacin shiga ya riga na isowa da minti biyar bisa kuskure, zai ba ka 1435. Don haka duk wata ka sa Max na Jira a PivotTable ka duba, duk abin da ya haura awa shida ka koma rajista ka tabbatar. In asibitinku ba ya aikin dare, ni da zan cire MOD ɗin, kuskure ya fito da alamar ragi a gan shi. A PivotTable kuma ka shiga Value Field Settings ka zaɓi Average, don zai iya sa maka Count ko Sum da kansa.

Ko bayan an tsabtace, matsakaici kaɗai ba ya isata. Mutum tara sun jira minti 20, ɗaya ya jira 200, matsakaici ya zama 38, adadin da babu wanda ya jira shi. PivotTable na yau da kullum ba shi da Median, wato adadin da ke tsakiya in an jera su, sai ka bi ta Data Model. Hanya mai sauƙi ita ce ƙarin kolam ɗaya:

```
=IF([@Jira]="","",IF([@Jira]>60,1,0))
```

Ɗauki Average ɗinsa, ka nuna shi da kaso cikin ɗari, za ka san nawa ne suka wuce awa ɗaya suna zaune. Minti 60 misali ne, ku tsayar da naku ma'aunin. Wannan adadin ne ma'aikata suka fi ganewa a taro.

Wajen zane, ziyara ta hau kan sanduna, jira ya hau kan layi, kowanne da zanensa, ɗaya a saman ɗaya don watanni su yi daidai. Watan ka samar da shi da TEXT([@Kwana],"yyyy-mm"), kada Janairun bana ya haɗe da na bara. Slicer biyu sun isa, na sashe da na ranar mako, domin a nan ne cunkoson Litinin yakan fito fili. Amma in ka tace har ya rage mutum shida a wata, matsakaicin zai riƙa tsalle, shi ya sa nake barin yawan ziyara kusa da shi kullum.

Kada sunan mara lafiya ya shiga fayil ɗin, don duk wanda ya danna adadi sau biyu a PivotTable zai ga layukan da ke ƙarƙashinsa. In ka ƙara sabon wata, danna Ctrl+Alt+F5, in ba haka ba zanen zai tsaya a kan na da.