Hanyar da babu sararin jinkiri

"Injiniyan da ke mana gini a Gombe ya ce kawo kwano na da sararin kwana 3, bulo kuwa babu. Me yake nufi?"

Malam, bi kowace hanya, wato jerin ayyukan da ke bin juna, a zanen tsarin aikin, ka tara kwanakinta. Ɗauka harsashi kwana 5 ne, bulo 10, rufi 4, jimla 19. Ɗayar hanyar kuma harsashi 5, kawo kwano 7, rufi 4, jimla 16. Hanyar da ta fi tsawo ita ke yanke ranar gamawa. Bulo ya makara kwana ɗaya, ginin duka ya makara.

Kwano kuwa zai iya makara kwana 3 ba komai. Amma ka sa ido sosai, in ya kai kwana 4, hanyarsa ce ta koma mai riƙe aikin.