Soja ɗaya a gefe, taku ɗaya na jira: tambaya kan zugzuwan a ƙarshen wasan ces

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na yi wasan ces a waya, ni ne da farare. Sarkina yana d5, sojojina suna e4 da a2. Sarkin abokin karawata yana f4, sojojinsa suna e5 da a6. Ni ke da tafiya, sai na tura a4. Ya amsa da a5, daga nan komai ya lalace mini. Da ma wasan ya riga ya kuɓuce ne, ko akwai abin da ya kamata in yi? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Wasan naka ne, kuma takun da ke cin sa shi ne 1.a3, gida ɗaya kacal. Dalilin yana tsakiyar allo, can inda sarakunan biyu suke.

Sarkinka yana aiki biyu daga d5: yana gadin e4, yana kuma harin e5. Nasa sarkin ma haka yake yi daga f4. Babu wani gida da sarkinka zai koma ya ci gaba da riƙe e4 lafiya, domin d4 sojansa na e5 yana dukansa, sauran gidajen kuwa sun yi nisa da sojanka. Shi ma f5 a rufe yake gare shi saboda sojanka na e4. To duk wanda ya fara ɗaga sarki ya saki sojansa. Wannan shi ne zugzuwan: babu wanda ke yi maka barazanar da ba ka tare ba, amma doka ba ta yarda ka ce "na wuce" ba, kuma duk takun da ya rage maka ɓarna ne. A nan abin ya hau kan ku biyun, shi ya sa ba a tsakiya za a yanke hukunci ba. Sojojin layin a ne za su yanke shi, domin su kaɗai ne ake iya motsawa ba tare da asara ba. Wanda takunsa na gefe ya fara ƙarewa, shi zai ɗaga sarki.

Sai a ƙirga. Tsakanin a2 da a6 akwai gidaje uku da babu kowa: a3, a4, a5. Da ka tura a4 ka cinye biyu a lokaci guda, ka bar ɗaya, shi kuma ya cike shi da a5. Sojojin suka haɗa goshi, tafiya ta dawo kanka. Sauri ya haifi nawa. Da 1.a3 ka yi, gidaje biyu za su rage. Ya ɗauki ɗaya da 1...a5, ka ɗauki na ƙarshe da 2.a4, sai a wayi gari shi ke da tafiya kuma ba shi da abin taɓawa sai sarki.

Ga yadda za ta kaya daga nan (K sarki ne, Q sarauniya, x alamar ci, + kuma cek). Idan ya koma baya don ya tare hanya: 2...Kg5 3.Kxe5 Kg6 4.Ke6 Kg7 5.e5 Kf8 6.Kd7, sarkinka ya riƙe e6 da e7 da e8, soja zai wuce ba mai tsayar da shi. Ka lura a taku na 4 sarki ne ya shige gaba, ba soja ba. Idan kuma ya zaɓi tsere ya nufi sojanka na a4: 2...Kf3 3.Kxe5 Ke3 4.Kd5 Kd3 5.e5 Kc3 6.e6 Kb4 7.e7 Kxa4 8.e8=Q+. Sarauniyarka ta fito da cek tun daga e8 har a4, alhali sojansa yana nan a a5 bai ko motsa ba.

Bayan 1.a4 a5 kuwa ko canjaras babu, idan abokin karawa ya san hannunsa. Mafi ƙarfin abin da za ka gwada shi ne kai ma ka ruga gefe: 2.Kc5 Kxe4 3.Kb5 Kd5 4.Kxa5 Kc5. Wannan takun na ƙarshe shi ne mugun, domin ya matse sarkinka a gaban sojanka, ya kuma kawo nasa kusa da kusurwa. Sai 5.Ka6 e4 6.a5 e3 7.Kb7 e2 8.a6 e1=Q 9.a7. Sojan gefe da ya kai sahu na bakwai yakan yi canjaras da sarauniya idan sarkin abokin gaba yana nesa, amma wannan yana c5. Sai 9...Qe7+ 10.Kb8 Kb6, kuma ko ka fitar da sarauniya da 11.a8=Q, zai kashe wasan da 11...Qe8.

Kada dai ka tashi daga nan da cewa taku ɗaya ya fi biyu a ko da yaushe. Matsar da sojansa zuwa a5 tun farko, ka bar komai yadda yake. Yanzu gidaje biyu ne a tsakani, kuma 1.a4 ne daidai, domin yana rufe layin nan take ya bar masa tafiya. 1.a3 a nan kuskure ne: zai amsa da a4, kai ne za ka shiga matsi. Abin da kake nema shi ne, bayan takunka, gidajen da suka rage su rabu biyu daidai, ɗaya nasa ɗaya naka, ko kuma su ƙare ƙaf. Sojan da bai taɓa motsawa ba shi ne ke da zaɓin ɗaya ko biyu, shi ya sa yake iya gyara lissafi. Da sojansa yana a7, zaɓin yana hannunsa shi ma, kuma shi ne na biyu a tafiya: 1.a3 a6 2.a4 a5, ko 1.a4 a5, duk kai ne takunka ke ƙarewa. A ganina wannan shi ne dalili mafi ƙarfi na barin sojojin gefe a gidajensu na asali idan babu abin da ya tilasta. Da yawa sukan tura a3 ko h3 a tsakiyar wasa don kawai ba su ga abin yi ba, ba su san rarar da za su nema a ƙarshe suke kashewa ba.

Saura tambayar da za ta biyo baya: idan sojoji duk sun toshe fa, ina za a samo takun jira? Sai sarki ya samar da shi, amma sai in yana da fili fiye da sarkin abokin karawa. Akwai wani matsayi da aka daɗe ana koyarwa da shi, wanda ake dangantawa da wasan Fahrni da Alapin. Farin sarki yana d5, fararen sojoji a a5 da c6. Baƙin sarki yana c8, sojansa ɗaya a a6. Fari ke da tafiya.

Hanyoyi biyu na kai tsaye duk ba sa ɓullewa. Idan 1.Kd6 Kd8 2.c7+ Kc8 3.Kc6, Baƙi ba shi da tafiya ko ɗaya kuma ba a cek yake ba, an tashi canjaras. Idan 1.Kc5, sai Kc7 ta tare b6 ta kuma hari c6, dole Fari ya koma baya. Wato kowane gida na Fari yana da amsarsa: in ya hau d6, Baƙi yana so ya amsa da d8, in ya hau c5, amsar ita ce c7, in yana d5, amsar ita ce c8, domin daga nan ne Baƙi ke iya kaiwa d8 da c7 duka. Yanzu suna d5 da c8, kuma da Baƙi ne ke da tafiya da ya faɗi. Aikin Fari shi ne ya dawo da wannan matsayi daidai, amma ya miƙa wa Baƙi tafiyar.

Sai 1.Kc4. Baƙi ba zai iya 1...Kc7 ba, domin 2.Kc5 ta kama shi: dole ya kauce, farin sarki ya shiga b6. Don haka 1...Kd8 (b8 ma haka take). Sai 2.Kd4. Har yanzu c7 haramun ce gare shi, tunda daga d4 ma ana kaiwa c5 da taku ɗaya, kuma in ya yi nisa da c7 Fari zai bi ta c5 ya shiga b6. Sai 2...Kc8 3.Kd5. Fari ya zaga d5, c4, d4 ya dawo d5 da taku uku, Baƙi kuwa ya fita ya dawo da taku biyu, na ukun ya zame masa bashi. Abin da ya sa dabarar ta ci shi ne c4 da d4 maƙwabta ne kuma kowanne yana taɓa c5 da d5. Baƙi yana buƙatar gidaje biyu maƙwabta masu taɓa c7 da c8. Yana da b8 da d8, amma ba sa jere da juna, b7 da d7 kuwa sojan c6 ya hana shi.

Daga nan, 3...Kc7 4.Kc5 Kc8 5.Kb6, sojan a6 ya tafi. Ɗaya reshen kuwa yana da rami a ƙarshensa, ka kula da shi: 3...Kd8 4.Kd6 Kc8 5.c7 Kb7 6.Kd7 Ka7. Hannu zai yi ƙaiƙayin 7.c8=Q, amma ka duba baƙin sarki a a7: sarauniya ta rufe a8 da b8 da b7, sojan a5 ya rufe b6, sojansa yana zaune a a6 ba ya motsi. Canjaras ke nan, bayan duk wahalar. Daidai shi ne wani takun jiran, 7.Kc6, wanda ya bar masa a8 kaɗai. Sai 7...Ka8 8.c8=Q+ Ka7 9.Qb7, wasa ya ƙare.

A kan allo, alamar da za ta sa ka tsaya ka yi wannan lissafi ita ce ka ga sarkin abokin karawarka yana gadin abu daga gida ɗaya tak. Da ka ga haka, yi kamar shi ke da tafiya, ka bi takunsa ɗaya bayan ɗaya ka ga ko akwai wanda ba ya ɓata masa komai. In babu, nemo takun da ba ya canza komai a naka ɓangaren. Ka yi wa kanka irin wannan binciken kafin ka taɓa soja, domin a wasanka na waya sarkinka ma daga gida ɗaya yake gadin e4, kuma soja in ya yi gaba ba ya komawa baya.