Jimillar da ba ta motsa ba ita ma abin dubawa ce

"Ina shirya albashin wata makaranta a Gusau. Yaya zan gane an samu matsala kafin kuɗi su fita?"

Malam, kada ka tsaya kan jimilla kaɗai. Ajiye takardar watan jiya kusa da ta wannan watan, ka lissafa da hannunka abin da ya kamata a biya.

A ce watan jiya ma'aikata 40 ne, albashi kafin cire haraji da fansho naira 3,200,000. Malami ɗaya mai 90,000 ya ajiye aiki, an ɗauki sabo a kan 70,000, biyu sun samu ƙarin girma na 10,000 kowanne. Lissafi ya dawo 3,200,000 daidai. To idan takardar ta nuna 3,290,000, wanda ya tafi bai fita daga jerin ba, kuma adadin mutane zai nuna 41. Ƙarin bai kai kashi 3 cikin ɗari ba, ido kan wuce shi.

Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne a bar sunan, a sauya lambar asusun banki. Nan jimilla ba za ta gaya maka komai ba. Saboda haka jera lambobin asusu na watannin biyu, ka nemo wadda ta canza ko ta fito sau biyu, ka tambayi mai albashin baki da baki.

Ariyas kuma ka ware shi a layinsa, don yakan maimaita kansa a wata na gaba. Kowane bambanci ya zo da takardarsa, kuma wani daban ya sa hannu kafin a tura banki.