Silaid ɗin banki da na gidan ɗinki

"'Yan uwa, aiki biyu ne a hannuna makon nan: silaid na wani ƙaramin banki, da na wata mai gidan ɗinkin abaya. Zan iya yin amfani da tsari ɗaya in canza launi kawai? Lokaci ya ƙure mini."

Wayyo 'yar uwa, don Allah kada ki yi. Ramin da na faɗa ke nan bara, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Na gama wa wata hajiya mai atamfa da leshi aiki a Canva, ruwan hoda da ruwan gwal, kanun da Playfair Display, hotuna na shigowa da tsalle. Ta yaba ƙwarai. Da aikin banki ya zo sai na mai da hodar shuɗi, na miƙa. Ranar taron ina zaune a baya. Teburin bashin da ba a biya ba ya shigo yana tsalle a majigi, ruwan gwal ɗin ya dusashe a kan fari, ba mai iya karanta lamba ko ɗaya. Manajan ya cire tabarau ya ce, "Malama, katin biki kika kawo mana?" Aka yi dariya. Shi ne fa na roƙa sau uku ya turo mini takardar ƙa'idar tambarinsu, bai turo ba! Rabin kuɗina ya riƙe, wai gyara. A adaidaita na yi kukana har gida.

Abin da na gane daga baya, launi ne mafi ƙanƙanta a cikin maganar. Muryar tana cikin kanu. Mai abaya za ki iya rubuta mata "Sallar bana taki ce", hoto ɗaya ya cika silaid, shi ke nan. Banki kuwa kanun ne zai faɗi sakamako, misali "Masu ajiya sun ƙaru da kashi 12 cikin 100 a wata shida", jadawali ɗaya a ƙasa, da inda aka samo lambar. Masu ba da kuɗi natsuwa suke nema a fuskar takarda.

Na bankin ki buɗe sabon fayil a PowerPoint, ki shiga View, sannan Slide Master, ki kafa komai sau ɗaya: Georgia a kanu, Calibri a jiki, girman rubutu kada ya gaza 24, launi biyu daga tambarinsu. Motsi in ya zama dole, Fade kaɗai. Ki karɓi lambar launin a rubuce, irin #003366, kada ki ɗauka da ido. Kuma ki karɓi rabin kuɗinki kafin ki taɓa komai, ni dai na ji jiki.

Af, na mai abayar ma akwai tarko. Yawancin rubutun ado ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Ki buga "ƙawa" da "ɗinki" ki duba. In harafin farko ya fita daban da sauran, canza salon tun kafin ta gani.